Manhajar da Ke Mutuwa a Ƙananan Wayoyi

A ce ga wata matashiya a Kano da ta rubuta manhajar da 'yan Kantin Kwari ke ɗora hotunan atamfa domin masu saye su gani. A wayarta komai lafiya lau. Amma ƙorafi ya yi ta zuwa, duk iri ɗaya: da mutum ya zaɓi hoto na uku, sai manhajar ta rufe kanta.

Ba ta ce laifin wayoyinsu ba ne. Ta riƙa tambayar kowa irin wayarsa, ta ga duk tsofaffi ne masu araha, RAM ɗinsu GB 1, masu Android 7. Sai ta nufi Farm Centre ta sayo irinta, ta jona da kwamfuta, ta buga `adb logcat`, ta zaɓi hotuna uku. Nan take saƙo ya fito: `java.lang.OutOfMemoryError`, wato wurin ajiya na aiki ya ƙare.

Ga inda gizo ke saƙar. Hoton da aka ɗauka da kyamara mai megafiksel 8 bai fi MB 2 ko 3 ba a ajiye, domin a matse yake, kamar dilar atamfa kafin a kwance ta. Kafin waya ta nuna shi dole ta warware shi ɗigo-ɗigo: 3264 a tsawo, 2448 a faɗi, kowane ɗigo yana cin bayit 4. Lissafin ya kai kusan MB 32 a hoto guda. Android kuwa ba ya sakar wa manhaja RAM gaba ɗaya; kowace tana da kasonta, kuma a ƙaramar waya kason kaɗan ne. Hotuna uku sun tasam ma MB 96, suka ƙure shi. Babbar wayarta tana da sarari, shi ya sa ba ta taɓa ganin matsalar ba.

Abin takaici, akwatin da ake nuna hoton a ciki bai kai tafin hannu ba. Don haka ta umarci manhajar ta rage hoton tun wajen buɗewa:

```
BitmapFactory.Options o = new BitmapFactory.Options();
o.inSampleSize = 4;
Bitmap b = BitmapFactory.decodeFile(path, o);
```

Lambar 4 tana raba tsawo da faɗi gida huɗu-huɗu, hoton ya koma 816 da 612, kusan MB 2. Amma gyaran na da iyaka: mai son ƙura wa zanen atamfa ido zai ga ya ɗan dushe, don haka ta bar cikakken hoton sai an taɓa shi, ɗaya bayan ɗaya.

A ganina, mai rubuta manhaja don kasuwa irin tamu bai gama aiki ba sai ya gwada ta a waya mafi araha da abokan cinikinsa ke riƙewa. Kai kuma mai amfani, idan manhaja na rufe maka, ka faɗa wa masu ita sunan wayarka, lambar Android ɗinta, da abin da ka taɓa na ƙarshe.