Ranar 03/04 ta Wane Wata Ce? Yadda Kwanan Wata da Agogo Ke Dagula Rahoton Rassa

A rubuta 03/04/2024 a takarda a miƙa wa akanta a Kano, zai karanta ranar 3 ga Afrilu. A miƙa wa takwaransa na Amurka takardar nan, zai ce 4 ga Maris. Kowannensu ya karanta daidai bisa abin da aka koya masa, domin Najeriya ta gaji tsarin Birtaniya na sa rana kafin wata, Amurka kuwa wata take sawa a gaba. Muddin kowa na zaune da littafinsa, babu rigima. Rigimar tana tashi ne ranar da hedikwata ta ce a haɗo mata rajistar dukkan rassa cikin rahoto guda.

A ɗauki misalin kamfanin da ke shigo da yadi da atamfa, mai hedikwata a Kano da rassa a Akra da Dubai da Landan. Kowane reshe yana da na'urar da ke ajiye rajista: an sayar da kaza, an tura kuɗi kaza, an buɗe sito da ƙarfe kaza. Ƙarshen wata kowa ya turo fayil ɗinsa. Na Kano da na Dubai sun sa rana a gaba. Na Akra kuwa ya fito daga manhajar da aka sayo da saitin Amurka, kuma ba wanda ya taɓa canza shi, saboda haka wata ne a gaba. Duk huɗun babu wanda ya ambaci agogon ƙasar da ya bi.

Haɗarin farko shi ne kuskuren ba ya bayyana kansa. Ranar da ta wuce 12 ga wata ba ta ruɗarwa, tun da babu wata na 13. Amma daga 1 zuwa 12 ga kowane wata, ana iya karanta lambobin ta kowace fuska. Ranaku 144 ke nan a shekara, kuma idan aka cire 12 da rana da wata suka zo iri ɗaya, kamar 05/05, saura ranaku 132 da za su iya juyewa ba tare da kwamfuta ta yi ko tari ba.

Manhajar Excel, wadda mafi yawan ofisoshi ke buɗe irin waɗannan fayiloli da ita, tana ƙara dagula lamarin. Idan kwamfutar hedikwata tana kan saitin Amurka aka buɗe fayil ɗin Kano, za ta ga 03/04/2024 ta mayar da shi 4 ga Maris. Idan ta zo kan 13/04/2024 sai ta rasa yadda za ta yi da shi, ta bar shi a matsayin rubutu kawai. Sakamakon shi ne sahu guda mai kaya iri biyu: wasu kwanakin sun juye, wasu kuma ba kwanaki ba ne a wurin manhajar, don haka ba za su shiga lissafin wata ba. Mai ido yana iya gane wannan nan take, domin Excel tana jingina kwanan wata na gaske da gefen dama na gurbi, rubutu kuma da gefen hagu. Duk sahun da aka ga yana tangaɗi, wasu dama wasu hagu, to ya riga ya lalace. Wata alamar ita ce fayil ɗin cinikin Afrilu kaɗai ya nuna ciniki a Janairu da Yuni da Disamba, kuma dukkansu ranar 4 ga wata.

Abin takaici, idan aka adana fayil ɗin a haka, ɓarnar ta zauna. Shi ya sa masu wannan aiki ba sa taɓa ainihin fayil ɗin da reshe ya turo, kwafinsa suke aiki a kai.

Maganin wannan ɓangaren ba ya buƙatar wata fasaha mai zurfi. A duba fayil ɗin kowane reshe shi kaɗai, kafin a haɗa, a nemi layin da ke da lambar da ta wuce 12. Idan a gaba take, reshen rana yake fara sawa. Idan a tsakiya take, wata ne. Idan fayil ɗin na kwana goma na farkon wata ne kawai, babu lambar da za ta raba gardama, sai a ɗaga waya a tambayi reshen ko a gwada da rasit na takarda. Abin da bai kamata ba shi ne a bar manhaja ta yi ta canka layi bayan layi, domin za ta karanta rabin fayil ta wata fuska, rabi ta wata.

Maganar agogo ta fi wannan wuyar kamawa. Duniya tana auna lokaci daga ma'auni guda da ake kira UTC. Gana tana kan ma'aunin daidai. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaba da awa ɗaya, Saudiyya awa uku, Dubai awa huɗu, ƙasar Sin awa takwas. Sai ga shi a haɗaɗɗen rahoton kamfaninmu, Kano ta rubuta cewa ta tura kuɗi da 10:05, Akra kuma ta rubuta cewa ta karɓa da 09:20. Mai binciken kuɗi da ya ga an karɓi kuɗi minti 45 kafin a tura, dole ya yi zargi. Alhali 09:20 na Akra shi ne 10:20 na Kano, wato kuɗin sun isa bayan minti 15, kuma ba wanda ya yi almundahana.

Landan ce ta fi ba da ciwon kai, domin agogonta ba ya tsayawa wuri ɗaya. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, Birtaniya tana tura agogo gaba da awa ɗaya, sai ya zo daidai da na Kano. Sauran watannin kuma yana daidai da na Akra. Wanda ya rubuta a lissafinsa cewa a ƙara wa Landan awa ɗaya kullum, zai yi daidai wata biyar, ya yi kuskure wata bakwai. A daren 27 ga Oktoba 2024, da ƙarfe biyu ta buga sai aka mayar da agogo ƙarfe ɗaya, saboda haka 01:30 ta zo sau biyu a daren. Layuka biyu masu wannan lokaci a rajistar Landan suna iya zama abubuwa biyu daban da awa guda a tsakaninsu, kuma wanda ke share maimaici zai iya goge ɗaya bisa kuskure. A daren 31 ga Maris na shekarar kuwa, 01:30 ba ta wanzu ba sam.

Ƙasashe ma sukan sauya agogonsu gaba ɗaya. Sudan tana gaban UTC da awa uku har zuwa 1 ga Nuwamba 2017, lokacin da ta koma awa biyu. Duk mai haɗa tsofaffin rajistocin wani reshe na Khartum da sababbi, sai ya san wannan.

Saboda irin haka ne masu rubuta manhaja ba sa ƙara awa ko rage awa da hannu. Akwai kundi na duniya da hukumar IANA ke riƙe da shi, wanda ke ɗauke da tarihin agogon kowane yanki, kuma ana kiran yankunan da sunan birni: `Africa/Lagos`, `Africa/Accra`, `Asia/Dubai`, `Europe/London`. Aka ba manhaja sunan, ita za ta duba ko a wannan ranar agogon Landan yana gaba ko yana baya. Gajerun sunaye masu harafi uku ba abin dogaro ba ne: CST na iya nufin agogon Sin, yana kuma iya nufin na tsakiyar Amurka, alhali tsakaninsu awa 14 ne.

Ga yadda aikin yake kan layi guda daga Dubai, a harshen Python:

```python
from datetime import datetime
from zoneinfo import ZoneInfo

t = datetime.strptime("01/05/2024 02:10", "%d/%m/%Y %H:%M")
t = t.replace(tzinfo=ZoneInfo("Asia/Dubai"))
print(t.astimezone(ZoneInfo("Africa/Lagos")))
# 2024-04-30 23:10:00+01:00
```

Matakai uku ne, kuma jerinsu yana da muhimmanci. An fara gaya wa manhaja cewa rana ce a gaba. Sannan aka liƙa wa lokacin sunan yankin da aka rubuta shi, ba tare da an taɓa lambobin ba. Daga nan ne aka juya shi zuwa agogon Kano. Wanda ya tsallake mataki na biyu, manhajar za ta ɗauka lokacin na agogon kwamfutar da yake aiki da ita ne, sai rahoton ya fito daban a Kano, ya fito daban a Landan, daga fayil ɗaya.

A lura da abin da ya fito. Cinikin da Dubai ta rubuta ranar 1 ga Mayu ya faɗa 30 ga Afrilu a agogon Kano. To a rahoton wane wata zai shiga? Wannan tambaya ba ta kwamfuta ba ce, ta shugabannin kamfani ce. Idan ana son a san jerin abubuwan da suka faru, wane ya riga wane, to agogo guda za a bi. Idan kuma ana son a daidaita rahoto da abin da reshe ya rufe littafinsa a kai, ko da takardar bankinsa, to ranar reshen ce ke aiki. Ko wanne aka zaɓa, a rubuta shi a saman rahoton. Masu mayar da komai UTC su tsaya a nan ma sukan faɗa rami: cinikin da aka yi a Kano da 00:30 na daren 1 ga Mayu, a UTC 23:30 ne na 30 ga Afrilu, sai ya zame cikin watan da ya wuce ba tare da kowa ya yanke hakan ba.

Hanyar da ta fi aminci ita ce haɗaɗɗiyar rajista ta riƙe abu uku ga kowane layi: rubutun asali kamar yadda reshe ya turo, sunan yankin agogonsa, da lokacin bayan an juya shi zuwa UTC. Da na ukun ake jera layuka. Na farkon kuma shi ake komawa gare shi ranar da aka gano cewa an yi wa wani reshe mummunar fahimta. Layin da manhaja ta kasa karantawa, a ware shi gefe a ƙirga, kada a bar shi ya ɓace shiru. Idan rassa huɗu sun turo layi 8,000, dole waɗanda suka shiga da waɗanda aka ware su haɗu su ba da 8,000.

Akwai gwaji mai sauƙi bayan an gama: a ƙirga ciniki awa bayan awa ga kowane reshe bisa agogonsa. Shagon da ke buɗewa ƙarfe takwas na safe amma rahoto ya nuna yana cika da masu saye ƙarfe huɗu na asuba, an juya masa lokaci sau biyu ko an juya ta baya. Gwajin ba zai kama na'urar da agogonta ya yi latti da minti goma ba. Wannan sai an haɗa na'urorin da intanet suna saita kansu.

Duk wannan wahala tana raguwa idan aka gyara daga tushe. Tun 1988 akwai ƙa'idar ISO 8601, wadda ke sa shekara a gaba, sai wata, sai rana, sannan lokaci da tazararsa daga UTC, kamar `2024-05-01T02:10:00+04:00`. Rubutu irin wannan fassara ɗaya yake da ita a Kano da Akra da Landan, har ma a daren da 01:30 ke zuwa sau biyu. Galibin manhajojin ciniki da na ajiye rajista suna iya fitar da shi idan aka shiga saitinsu, don haka kamfanin da ke da rassa ya umarci kowane reshe ya koma kansa kafin rahoton wata mai zuwa.