Ya Biya, Ko Ya Biya?

A ɗauki wannan jimla kamar yadda za ta fito a jarida: "Alƙali ya ce Tanko ya biya kuɗin." Me alƙali ya ce? Idan an ja wasalin "ya" ta biyu kuma murya ta hau, to alƙali ya tabbatar Tanko ya riga ya biya, babu sauran bashi a kansa. Idan kuwa an taƙaita wasalin aka sauke murya, umarni ne, Tanko sai ya nemo kuɗi. Haruffan ba su bambanta ko da ɗigo ba, amma a karatu ɗaya an wanke mutum, a ɗayan an ɗora masa. Da baki aka faɗa, ko yaro ɗan shekara biyar ba zai ruɗe ba. Takarda ce ta ɓoye abin da kunne yake ji.

Abubuwa biyu rubutun boko ba ya nunawa: tsawon wasali da karin sauti. Tun da aka daidaita rubutun a shekarun 1930, aka shigo da haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ, an bar waɗannan biyu ga mai karatu ya cike da kansa. Ajami ya ɗan fi a nan, domin yana nuna dogon wasali da alif da wawu da ya, ko da yake shi ma bai kula karin sauti ba. A Nijar, bayan taron Bamako na 1966, an yi shekaru ana ninka wasali don nuna tsawonsa, daga baya aka bari aka koma irin rubutun Nijeriya. Masu ƙamus kuwa sun daɗe suna kula da abin. Tun ƙamusun Bargery na 1934 ake sa wa kalma alamomin da ke nuna yadda ake furta ta.

Ni ban ga laifin barin alamomin a rubutun yau da kullum ba. Wanda ya tashi da Hausa yana karanta shafi guda bai yi tuntuɓe ba, don jimla tana gaya masa wace kalma ake nufi. Inda nake ganin gyara shi ne a aji. Sau da yawa akan rubuta wa yara "kuka" da "baba" da "gari" a allo, a ce kowace tana da ma'ana biyu ko uku, a ce su haddace, shi ke nan an gama darasi. Ba a gaya musu cewa abin da ya raba "gari" da "gari" daban yake da abin da ya raba "kuka" da "kuka" ba.

Garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi karinsu ɗaya ne: murya ta faro daga ƙasa ta hau. Bambancinsu a gaɓar farko yake, na zama gajeren wasali, na tuwo dogo: gàrii da gàarii. Kukan yaro da kukar miya kuwa wasulansu duka dogaye ne, babu wanda ya fi wani. Abin da ya raba su kari ne: a kukan yaro murya tana sama daga farko har ƙarshe, kuukaa, a bishiyar kuwa ta hau sannan ta sauko, kuukàa. Haka wuyan da ke riƙe da kai, wuyàa, da wuyar da ake sha, wùyaa. Wanda aka haɗa masa tsawo da kari a darasi ɗaya ba zai san abin da zai kasa kunne ya ji ba.

Don haka a fara da tsawon wasali, shi kaɗai, don ya fi sauƙin kamawa. Malam ya zaɓi kalmomin da karinsu ɗaya ne, tsawon ne kawai ya raba su: gàrii da gàarii, fitòo na kwalekwale da fiitòo na baki, tsarìi na kariya da tsaarìi na shirya abu, farìi na rashin ruwa da faarìi na farawa. Ya faɗi ɗaya a cikin jimla, yara su ce dogo ne ko gajere, sannan ya rubuta a allo yana ninka dogon wasalin. A tsakiyar kalma abin ba ya wahala, domin gajeren "a" ma ba ya buɗa baki kamar dogon. A ƙarshen kalma ne ake shan fama, kuma akwai dabara: a faɗi kalmar ita kaɗai a tsaya. Gajeren wasali yakan yanke kwatsam, maƙogwaro ya rufe, dogon kuwa a yawancin sunaye yakan tafi a hankali har ya ƙare. A gwada baƙon da ya sauka a gida da mutumin da sunansa Baƙo, ko dogon mutum da wanda ake kira Dogo. Irin wannan suna ko laƙabi yakan ƙare da gajere. Haka "gida" a "gida ne babba" dogo ne, a "yana gida" gajere.

Akwai tarko ɗaya da ya kamata malam ya sani. Dogon wasali ba ya zama a gaɓar da baƙi ya rufe. Da zarar an ce "gidan Audu" ko "kukar gidanmu", wasalin ƙarshe ya taƙaice. Idan malam ya kawo misali da irin wannan siga yana neman yara su ji tsawo a ƙarshe, ba za su ji ba, kuma su ne da gaskiya.

Sai bayan wannan ya zauna a shiga karin sauti. Hausa tana da karin sama da karin ƙasa, sai na faɗau, wanda murya ke farawa a sama ta zubo ƙasa a gaɓa ɗaya, kamar a "kai" na jiki, kâi, wanda ya bambanta da "kai" da ake kiran namiji da shi. Faɗau ba ya sauka sai a kan gaɓa mai nauyi, wato mai dogon wasali, ko tagwan wasali, ko wadda baƙi ya rufe. Hanyar da ta fi aiki ita ce a cire baƙaƙe da wasula gaba ɗaya, a bar kiɗan kalmar kawai. Yara su rufe baki su yi gunjin kalmar ta hanci, ko su yi ta da fito, hannu yana hawa yana sauka tare da murya. Abin da mai kalangu yake yi ke nan idan ya kira sunan mutum da ganga, jama'a kuma suka gane wanda ya kira. Idan an yi haka da "baba", uku za su fito sarai: bàaba mahaifi, ƙasa sannan sama, baabà uwa ko gwaggo, sama sannan ƙasa, baabaa na marina, sama da sama. Yana da kyau a samo wa kowane kiɗa kalma ɗaya da kowa ya yarda da ita, a rataya a bango, ta zama ma'auni: kiifii ga sama da sama, yaaròo ga sama da ƙasa, ràagoo ga ƙasa da sama. Sabuwar kalma ta zo, sai a tambaya: da wa ta yi kama, kifi ko yaro ko rago?

Kada a yi wannan gwaji da doguwar jimla. A magana, duk karin saman da ya biyo bayan na ƙasa yakan ɗan sauko bai kai na baya ba, har ta kai karin sama na ƙarshen jimla yana iya yin daidai da karin ƙasa na farkonta, ko ma ya fi shi sauka. Yaron da aka ce ya nuna karin kalmar da ke can ƙarshen jimla mai tsawo zai ce ƙasa ne, alhali sama ne. Ana auna gaɓa da maƙwabciyarta ne kawai. Tambaya ma tana ɗaga murya a ƙarshe, don haka misalan farko su zama na bayani.

Amma duk wannan share fage ne. Da wuya a samu rubutun da mai karatu zai rasa gane ko bishiya ake nufi ko hawaye. Inda ma'ana ke juyewa da gaske shi ne a ƙananan kalmomin da ke gaban aikatau, irin "ya" ɗin alƙali da Tanko, kuma su ne aka fi tsallakewa a aji. Wannan "ya" fuska huɗu gare ta. Akwai yaa biyaa, dogo a sama, aikin ya wuce. Akwai ya biyaa, gajere a sama, wadda ke zuwa a labari ko bayan kalmar tambaya: "yaushe ya biya?" Akwai yà biyaa, gajere a ƙasa, ta umarni ko fata. Akwai kuma yâa biyaa, da faɗau, ta abin da ake sa ran zai faru: "ƙyale shi, ya biya wata rana." Haka "ta" da "ka" suke.

Abin daɗi shi ne harshen da kansa ya ba mu ma'auni, ba sai an nemo alama ba. A jam'i waɗannan huɗu rubutunsu daban-daban ne: sun biya, suka biya, su biya, sa biya. Saboda haka idan ɗalibi ya tsaya a kan "ya", malam ya ce masa: mayar da Tanko mutum biyu. Idan ma'anar ita ce "alƙali ya ce su Tanko sun biya", to yaa ce, a ja ta. Idan "alƙali ya ce su Tanko su biya" ne, to yà ce, a sauke murya a taƙaita. Da "ka" kuma sai a mayar da wanda ake wa magana mace: kin, kika, ki, kya. Na fi son wannan gwaji da duk wata alama, domin ɗalibi yana tafiya da shi duk inda ya je, ko a gaban makirufo yake karanta labarai bai taɓa ganin takardar ba.

Marubuci ma yana da nasa rabo. Idan ya ga jimlarsa tana karɓar "sun" tana kuma karɓar "su", to ta ɗauki ma'ana biyu, sai ya gyara kafin ta kai ga mai karatu: "ya riga ya biya", ko "lalle ya biya", ko "alƙali ya umarci Tanko da ya biya". Kalma ɗaya ko biyu sun wadatar.

Wanda ya koyi Hausa da girma, ko yaron da a gidansu wani harshe ake yi, lamarinsa daban ne. Ɗan gida ya riga ya san furucin, ana nuna masa abin da bakinsa yake yi ne kawai, don haka alamomi a allo na 'yan makonni sun ishe shi. Shi wannan kuwa babu kiɗan kalmar a kansa, kuma rubutu ba zai ba shi ba. Duk sabuwar kalma ya kamata ya fara jin ta kafin ya gan ta, kuma ya rubuta ta a littafinsa da cikakkun alamomi tun ranar farko. Idan ya shekara yana cewa wuyàa a inda ake cewa wùyaa, gyaran ya fi koyon wahala. Malamin da ke da aji mai gauraye sai ya haɗa su bibbiyu: ɗan gida ya furta, ɗaya ya sa alama, sannan su duba ƙamus su ga ko sun dace. In furucin yaron ya saɓa da na ƙamus, malam ya bincika tukuna ko karin harshen garinsu ne, don Basakkwace da Bakano ba a kowace kalma muryarsu ke hawa wuri ɗaya ba.