Tsoffin Kuɗi Na Aiki Har Yanzu? Yadda Ake Tace Amsar Gugul

A ce an kawo wa ɗan kasuwa jita-jitar cewa za a daina karɓar tsohuwar dubu ɗaya. Ya ɗauki waya ya tambayi Gugul, sai ga amsoshi jere: wani shafin ya ce 31 ga Janairu, wani 10 ga Fabrairu, wani kuma 31 ga Disamba. Abin mamaki, yawancinsu ba ƙarya suka yi ba. Kowanne ya faɗi gaskiyar ranar da aka rubuta shi ne, Gugul kuwa ba ya jera su bisa sabunta ko inganci kaɗai.

Saboda haka kwanan wata ake fara dubawa. A Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin naira 200 da 500 da 1000, ya sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin wa'adi, daga baya ya ɗage zuwa 10 ga Fabrairu. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da amfani da tsoffin har 31 ga Disamban 2023. A Nuwamba kuma bankin ya cire wa'adin gaba ɗaya, kotun ta yanke hukunci a kan haka ranar 29 ga watan. Wanda ya tsaya a labarin Maris ya riƙe hukuncin da aka riga aka shafe. Sai dai kwanan da ke bayyana a jerin sakamako kan ruɗi mutum, domin wani lokaci ranar da aka taɓa shafin ce, ba ranar rubuta shi ba. A buɗe labarin a nemi shekara a cikinsa. In kanun ya ce "31 ga Disamba" ba shekara, ko ya ce "jiya" ba a san jiyan yaushe ba, a ajiye shi tukuna.

Daga nan sai tambayar wa ke da ikon faɗar maganar. A batun kuɗi, babban bankin ne da kotu, sauran duk masu ruwaito ne. Adireshin bankin cbn.gov.ng ne, kuma ƙarshen .gov.ng na hukumomin gwamnati ne. Tambarin banki a saman shafi ba hujja ba ce, kowa na iya kwafarsa, adireshi ake karantawa harafi bayan harafi. Ana iya tilasta wa Gugul ya nemo daga shafin bankin kawai:

```
site:cbn.gov.ng old naira notes
```

Sakamakon da aka yi wa alamar Sponsored kuwa talla ce, kuɗi mai shi ya biya aka ɗora shi a sama.

Marubucin ma abin dubawa ne. Sanarwar banki ta gaskiya tana ɗauke da kwanan wata da sunan jami'in da ya sa hannu da muƙaminsa. Rahoton jarida nagari yakan nuna wanda ya rubuta shi, ya kuma faɗi inda ya samo: takardar sanarwa ce, ko zaman kotu, ko hira. Shafin da aka rubuta Admin a gurbin suna, kuma "majiya ta ce" kaɗai ya dogara da ita, babu wanda za a kama in maganar ta tashi ƙarya.

Inda aka fi zamewa shi ne wajen gwada labari da wani. Ganin shafuka goma sun faɗi abu ɗaya kan sa zuciya ta kwanta, alhali sau da yawa tara daga ɗaya suka kwafa. Gane hakan ba wuya: a ɗauki jimla guda a sa ta tsakanin alamun zance a nema. In ta fito iri ɗaya a ko'ina, har da kuskuren rubutu, to shaida ɗaya ce aka maimaita. Abin nema shi ne kafofi biyu ko uku masu wakilan kansu, irin BBC Hausa da Aminiya, sannan a duba ko masu bin diddigi kamar Dubawa sun taɓa maganar.

A Oktoban 2024 an sake yaɗa cewa tsoffin kuɗi za su daina aiki 31 ga Disamban shekarar. Labarin sabo ne, ya kuma bazu, don haka duba kwanan wata kaɗai ba zai kama shi ba. Bin asalinsa ne ya tona shi: babu sanarwar banki ko hukuncin kotu da ya sa wannan rana, bankin ma ya fito ya ƙaryata. Kafin ɗan kasuwa ya mayar wa mai saye kuɗinsa, ya tabbata abin da ke hannunsa ita ce magana ta ƙarshe daga bakin mai ikon yin ta.