Lambar da Mai Shago Ba Ya Gani

Mutum ya ɗora wayarsa kan na'urar karɓar kuɗi, ta yi ƙara, ciniki ya faɗa. Sai dai lambar nan mai alƙaluma 16 da ke jikin katinsa ba ta taɓa shiga na'urar ba.

Dabarar tana farawa ne tun ranar da ya saka katin a Apple Pay, wanda ya fito a 2014. Wayar takan nemi amincewar banki, sannan kamfanin katin, Visa ko Mastercard, ya ba ta wata lambar madadi da ake kira tokin. Tsawonta kamar na lambar katin ne, don haka na'urar shago takan karɓe ta ba gardama. Asalin lambar kuwa tana can a taskar kamfanin, inda aka rubuta wace ce madadin wace.

Lokacin biya, bayan ya nuna fuska ko yatsa, wayar takan aika tokin tare da wata lambar sirri da ake ƙirƙira don wannan ciniki kaɗai. Kamfanin katin ne ke juya tokin zuwa lambar asali, ya miƙa wa banki.

To, ɓarawon da ya kwashe bayanan shagon fa? Ya ɗauki ƙwarya ba fura. Idan wayar ce ta ɓace, tokin ɗin kawai ake sokewa, katin na nan daram.

Rauninta yana wajen rajista: ɗan damfarar da ya yaudari mai kati ya karɓi lambar tabbatarwar da banki ya turo zai iya saka katin a tasa wayar.