Tarin Abubakar da Tarin Usman: Mene ne Bambancinsu?

Yau tambaya ɗaya za mu warware: tunda Sayyidina Abubakar ya riga ya tara Alƙur'ani, me Sayyidina Usman ya sake yi?

To, matsalarsu ce ta bambanta.

A zamanin Abubakar, tsoron ɓacewa ake yi. A yaƙin Yamama da aka gwabza da Musailama, mahaddata da yawa sun yi shahada. Sai Umar ya kawo shawarar a tara Alƙur'ani wuri ɗaya. Da farko Abubakar ya ja baya, don Annabi (SAW) bai yi hakan ba, daga baya ya gamsu, ya ɗora wa Zaidu bin Sabit aikin.

Zaidu mahaddaci ne, amma bai zauna ya rubuto daga kansa ba. Bin rubuce-rubucen da ke hannun sahabbai ya yi, a rassan dabino da falalen duwatsu, yana gwada su da haddar mutane. Ayoyi biyun ƙarshen Suratut Tauba ma, bai saka su ba sai da ya same su a rubuce wurin Abu Khuzaima. Waɗannan takardu suka zauna hannun Abubakar, sannan Umar, sannan Nana Hafsa.

Shi kuma Usman, saɓani ya tarar. Wajen shekarar 650, sojojin Sham da na Iraƙi suka haɗu a yaƙin Armeniya da Azarbaijan, kowa na cewa karatunsa ne daidai. Huzaifa bin Yaman ya garzayo Madina ya ce wa halifa a yi wa tufkar hanci.

Usman ya ari takardun Hafsa, ya kafa kwamitin mutum huɗu: Zaidu da Ƙuraishawa uku. Ƙa'idar ita ce, in sun saɓa, a rubuta da harshen Ƙuraishawa. An kuwa saɓa a kalmar "tabut": Zaidu yana so a ƙare ta da harafin "ha", sauran suka ce "ta". Usman ya yanke "ta". Aka kwafi mus'hafai aka aika garuruwa irin su Kufa, Basra da Sham, aka ƙone sauran rubuce-rubuce don kada rigimar ta dawo.

Wani zai ce, to ya aka yi muke da Warshu da Hafsu? Rubutun nan ba ɗigo, ba wasali. A Fatiha, baƙaƙe uku ne, mim, lam, kaf. Almajirin tsangaya mai Warshu ya ce "maliki", ɗan Islamiyya mai Hafsu ya ja ya ce "maaliki". Rubutun ya ɗauki duka biyun, kuma kowanne daga bakin malami aka karɓo shi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.