Muƙabalar Alƙaluma Kafin a Ɗaure Kundi

Duk wanda ya san Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a shekarar 1975, ya san cewa idan zangon karatu ya zo ƙarshe, ɗaliban da suka kare kundinsu ba su da wani buri da ya wuce su ga an buga shi, an ɗaure, an sa hannu. Kuma a cikin wannan gaggawa ne wata illa take shigewa ba tare da kowa ya farga ba, wato adadin da ke cikin tsakure ya saɓa wa na babin sakamako, na babin kammalawa kuma ya saɓa musu duka biyu. Galibi ba ƙarya ce take kawo wannan ba. Asalinsa shi ne ɓangarorin nan uku ba rana ɗaya ake rubuta su ba, kuma idan gyara ya zo, inda aka nuna wa ɗalibi kaɗai yake taɓawa.

Bari mu ƙaddara wani ɗalibin aikin gona da ya yi bincike a kan manoman fadamar Kwalkwalawa, yana son sanin nawa ne cikinsu suke amfani da takin zamani. Ya raba takardun tambayoyi 200, aka dawo masa da 186, daga cikinsu manoma 117 suka ce suna amfani da takin. Da ya raba 117 da 186 sai ya sami kashi 62.9 cikin ɗari, ya sa a jadawali, ya kuma rubuta babi na biyar a kan haka, har ya ce "kimanin kashi 63". A ranar kare kundi sai ɗaya daga cikin malamai ya lura cewa takardu shida ba a cika su ba, ya umarce shi da ya fitar da su, saura 180. Ɗalibi ya koma ya sake lissafi, 117 cikin 180 ya ba shi kashi 65 daidai, ya gyara jadawalin babi na huɗu, ya gyara kason a tsakure, amma ya bar 200 ɗin da ya rubuta a can tun farkon aiki, babi na biyar kuwa ko buɗe shi bai yi ba.

To, dubi abin da mai karatu zai tarar. Tsakure ya ce an bincika manoma 200, kashi 65 suna amfani da taki, wanda idan aka lissafa mutum 130 ke nan, alhali mutum 130 ba su taɓa amsa haka ba. Jadawali ya ce 117 cikin 180. Kammalawa ta ce kashi 63. Kowane adadi daga cikin waɗannan yana da ranar da yake gaskiya, amma da suka taru a kundi guda sai suka zama shaidu masu ƙaryata juna. Kuma mai jarrabawa na waje, wanda bai san tarihin gyare-gyaren ba, ba shi da hanyar da zai bambance gafala da ƙirƙira, don haka yana da haƙƙin ya yi shakkar sauran jadawalan baki ɗaya.

Mafi muni daga wannan shi ne inda adadi ya sauya, hukuncin da aka gina a kansa bai sauya ba. A ce kafin a fitar da takardun nan shida, gwajin alaƙa tsakanin ilimin manomi da amfani da taki ya ba da p = 0.048, wanda yake ƙasa da ma'aunin 0.05 da aka saba yanke hukunci da shi, ɗalibi ya rubuta cewa alaƙar ta tabbata; bayan an sake gwaji da 180 sai ya koma p = 0.061. A nan ba lamba kaɗai za a gyara ba: jumlar da ta ce alaƙa ta tabbata ta rushe a tsakure, ta rushe a kammalawa, haka nan shawarar da aka ba hukuma a kanta ba ta da sauran madogara.

Kada a zaci wannan ciwon ɗalibai ne kawai. A shekarar 1999 Roy Pitkin da abokan aikinsa sun buga bincike a mujallar likitoci ta JAMA, inda suka duba maƙalu daga manyan mujallun likitanci shida, suka tarar cewa tsakuren da ke ɗauke da bayanin da ya saɓa wa jikin maƙala, ko wanda sam babu shi a ciki, ya kama daga kashi 18 zuwa kashi 68, gwargwadon mujalla. Kuma tsakure shi ne abin da akasarin mutane suke karantawa su wuce, daga nan ne kuma ɗalibin baɗi zai kwafi adadin ya kafa hujja da shi.

Maganin abin ba baƙo ba ne a garin nan. Malamanmu da suke kwafar littattafan Shehu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello da hannu ba sa ɗaukar kwafi ingantacce sai an yi masa muƙabala, wato wani ya riƙe asali, wani yana karanta sabon rubutu, ana bi kalma bayan kalma. Haka ya kamata a yi wa kundi, sai dai wajibi ne a fara tsayar da asali, kuma asali a nan shi ne sakamakon ƙarshe da manhajar lissafi ta fitar, irin su SPSS, ba jadawalin da aka kwafa daga gare shi ba, domin shi ma jadawalin mai buga takardu yana iya mayar da 65 ta koma 56 a cikinsa.

Sai ɗalibi ya sami farar takarda ya ja layi huɗu, na asali, na babi na huɗu, na babi na biyar, na tsakure. Ya ɗauki tsakure ya fitar da kowane adadi da ke ciki, har da waɗanda aka rubuta da kalmomi, irin su "rabi" ko "mafi yawa" ko "biyu bisa uku", domin su ne suka fi ɓuya. Ya sa abokinsa ya riƙe asali, shi yana karantawa da ƙarfi. Kowane kaso a sake raba shi da hannu, a tambaya: nawa cikin nawa? Kowane jadawali a tara shi, 117 da sauran 63 da ba sa amfani da takin su ba da 180, kashi 65 da 35 su ba da ɗari. Idan jimlar kaso ta zo 99.9 ko 100.1, wannan daga taƙaita lambobi ne, ba laifi. Idan kuwa ta zarce ɗari da yawa, to ko dai an bar mutum ya zaɓi amsa fiye da ɗaya, wanda dole a faɗa a ƙarƙashin jadawalin, ko kuwa akwai kuskure.

Bayan haka a koma kwamfuta a danna Ctrl+F, a nemi tsofaffin lambobin da aka yi watsi da su, 200 da 186 da 62.9 da kashi 63 da 0.048, a duba duk inda suka ɓulla, har babi na uku inda aka bayyana yawan mutanen da aka tambaya. Shi 200 yana da wurinsa na halal, inda ake faɗin takardun da aka raba. Wurin da ba a yarda ya zauna ba shi ne gefen kashi 65. Kuma wannan muƙabala a kan kwafin ƙarshe ake yin ta, wanda ya fito daga hannun mai bugawa bayan malami mai duba aiki ya gama gyaransa, domin ba sabon abu ba ne ɗalibi ya gyara fayil ɗin da ke wayarsa, mai shago kuwa ya buga tsohon da ya rage a kwamfutarsa tun makon jiya.