Ina Gurbin Abdul, Bin da Al- a Jerin Sunaye?

Jera sunaye bisa tsarin haruffa yana da ƙa'ida guda: a duba harafin farko, idan ya zo ɗaya a duba na biyu, haka har a sami bambanci. Wahalar tana tasowa ne wajen sanin inda sunan ya fara. Sunayen da suka samo asali daga Larabci sukan zo da ƙananan kalmomi a gaba ko a tsakiya, irin su al-, bin da Abdul, kuma kowacce hukuncinta daban ne. Tambayar da ke raba su ita ce: idan aka cire kalmar, sunan zai tsaya da ƙafarsa ko zai karye?

Al- alamar tabbatarwa ce a Larabci, aikinta ya yi kama da na -n da -r a ƙarshen kalmomin Hausa. Ba ta ɗauke da ma'anar sunan. Al-Maghili, malamin da ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, an jingina shi ne ga ƙabilar Maghila, kamar yadda aka jingina al-Kanemi ga Kanem. Saboda haka ɗakunan karatu da masu tsara fihirisar littattafai suke rubuta al- amma ba sa lissafa ta. Al-Maghili yana ƙarƙashin M, al-Kanemi ƙarƙashin K, al-Ghazali ƙarƙashin G. Dalilin a fili yake: da za a lissafa ta, da yawancin malaman Musulunci sun cunkushe a harafin A, jerin ya rasa amfaninsa. Hukuncin bai canja ba idan lam ɗin ya narke cikin harafin da ke binsa, kamar as-Suyuɗi, an-Nawawi da ash-Shafi'i, ko kuma aka rubuta El maimakon al-.

Sai dai akwai wurare biyu da wannan ƙa'ida ba ta aiki. Na farko shi ne inda al- ta riga ta manne da sunan har ta zama jikinsa. A ƙasar Hausa, Alhassan, Alƙasim da Almustapha cikakkun sunayen yanka ne. Wanda aka raɗa wa Alhassan bai amsa sunan Hassan ba, kuma ba a Hassan zai nemi kansa a jerin jarrabawa ba, gurbinsa A. Na biyu shi ne Al ɗin da ke cikin Al Sa'ud na Saudiyya ko Al Thani na Ƙatar. Wannan kalma ce dabam mai dogon wasali, ma'anarta iyali ko zuriya, ita ce ake ji a cikin salati idan aka ambaci alayen Annabi. Tunda tana da ma'anarta, ana lissafa ta.

Abdul ya fi kowanne jawo kuskure, domin mutane da yawa suna ɗaukarsa suna mai zaman kansa. Asalinsa kalmomi biyu ne, abd wato bawa, da al-, kuma bai cika ba sai an haɗa shi da ɗaya daga sunayen Allah. Abdul Aziz suna ɗaya ne, bawan Mabuwayi. Wanda ya raba shi ya sa Aziz a matsayin sunan mahaifi ya ƙirƙiro wa mutum uban da ba shi da shi, ya kuma kai shi gurbin da ba nasa ba. Duk sunan da ya fara da Abdul ana jera shi daga farkonsa, a lissafa shi dunƙule.

A nan ne bambancin rubutu ke shigowa. Akwai hanyoyin jeri guda biyu, kalma bayan kalma da harafi bayan harafi. A ta farko, sararin da ke tsakanin kalmomi yana riga kowane harafi, sai jerin ya fito haka: Abdul Aziz, Abdul Rahman, Abdulaziz, Abdulkadir, Abdullahi, Abdurrahman. Suna ɗaya ya rabu gida biyu, Abdul Rahman ya shiga tsakanin Abdul Aziz da Abdulaziz. A ta biyu ana kau da kai daga sarari da karan ɗori, sai a sami Abdul Aziz da Abdulaziz kusa da juna, sannan Abdulkadir, Abdullahi, Abdul Rahman, Abdurrahman. Ga jerin da sunayen Musulmi suka yi yawa a cikinsa, hanya ta biyu ta fi dacewa nesa ba kusa ba. Duk da haka ba ta haɗa Abdul Rahman da Abdurrahman idan akwai Abdulsalam a tsakani, kuma ba a gyara wa mutum rubutun sunansa don jeri ya yi kyau. Yadda yake a takardunsa haka ake barinsa.

Bin da ibn kalma ɗaya ce, ma'anarta ɗa, ta mace kuma bint. Hukuncinta ya dogara da inda ta zauna. Idan tana tsakiya, mahaɗi ce tsakanin mutum da mahaifinsa, kuma abin da ke bayanta ba sunan dangi ba ne. Shi ya sa a Malesiya ake jera Mahathir bin Mohamad ƙarƙashin Mahathir. Ɗan na Hausa ma haka yake aiki: Abdullahi ɗan Fodiyo yana A, Usman ɗan Fodiyo yana U. Idan kuwa da ita mutum ya shahara, ta zama farkon sunansa, kamar Ibn Khaldun da Ibn Baɗuɗa, gurbinsu I. Haka nan idan ta daskare ta zama sunan gida, kamar Ben Bella na Aljeriya a B, ko Ɗantata a Ɗ idan da sunan gida ake jeri.

Magabata sun bi wata hanyar. Ibn Khallikan, wanda ya rasu a 1282, ya tsara littafinsa Wafayat al-A'yan bisa sunan yanka, don haka mai neman al-Ghazali sai ya san sunansa Muhammad. Wannan hanya ba ta da ruɗani, amma tana bukatar mai karatu ya riga ya san abin da yake nema. Fihirisa ta zamani tana magance haka da nuni: a rubuta sunan da ba a zaɓa ba, a ce duba wuri kaza.

Na'ura ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Idan aka ba ta sunaye shida, Abdullahi ɗan Fodiyo, al-Ghazali, Ibn Khaldun, al-Kanemi, al-Maghili da as-Suyuɗi, za ta tara biyar a A ta bar Ibn Khaldun a ƙarshe, alhali gurbinsa na uku ne. Alamar wannan kuskure ita ce harafin A ya kumbura fiye da ƙima. Wasu manhajojin kuma suna jeri da lambar harafi, sai Ɗ da Ƙ su faɗa bayan Z. Maganin shi ne a buɗe layi na biyu a teburin, a rubuta kowane suna yadda ake so a lissafa shi, ba al-, ba sarari, ba laƙabi irin su Alhaji, Malam ko Hajiya: ghazali, ibnkhaldun, kanemi, maghili. Da wannan layi ake jeri, sannan a ɓoye shi, a bar cikakken sunan a fili. A saman jerin kuma a rubuta jimla ɗaya da ke gaya wa mai dubawa ko da sunan yanka aka jera ko da sunan mahaifi, da kuma cewa ba a lissafa al- ba.